Kafin Ka Faɗi Abin Da Ya Kawo Ka

[Taken shiri]

Assalamu alaikum warahmatullah. Masu sauraro, barkanmu da warhaka. An wuni lafiya? Yaya iyali, yaya hidimar kaka? Allah ya sa wa abin da aka noma albarka. Ina gaida mutanen Gwarzo da Getso da Kutama da Lakwaya, ina gaida na Kabo da Garo da Gude da Durun, da direbobin da ke bin hanyar Kano zuwa Dayi suna saurarenmu a cikin mota. Allah ya kai ku lafiya.

Shirinmu na yau a kan abin da na gama yi yanzun nan ne, wato gaisuwa. Ba sallama kaɗai nake nufi ba. Ina nufin jerin tambayoyin nan da muke yi wa juna a kan kwana da gajiya da iyali da aiki, kafin mutum ya buɗe baki ya faɗi abin da ya kawo shi. Matasanmu da yawa sun fara kallon wannan a matsayin ɓata lokaci. Wasu dattawan kuma suna kare shi da cewa ladabi ne, shi ke nan. Ladabi ne, babu shakka. Amma ni a ganina ya wuce haka. A cikin gaisuwa ne mai hankali yake gane halin da ya tarar da mutum, daga nan ya san ko zai faɗi buƙatarsa, ko zai rage ta, ko kuwa zai koma da ita gida sai wani jiƙon. Wanda bai iya sauraren amsar gaisuwa ba, ko ya yi minti goma yana gaisawa, bai ƙaru da komai ba.

Bari mu fara da yadda abin yake tafiya, tun daga ƙofar gida.

Ka isa ƙofar gidan mutum, ka tsaya a bakin zaure ka yi sallama. Ba ka leƙawa, ba ka kutsawa. Wannan ba al'ada ce kawai ba, domin aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi wa mutanen gidan sallama. Hadisi kuma ya ƙayyade neman izinin sau uku, in ba a amsa ba ka juya. Shi kuma mai gida, aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta ɗora masa ya mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta, ko aƙalla irinta. In an amsa, yaro ya fito ya ce ana zuwa, sai ka jira. Mai gida ya fito, a yi musabaha, a shimfiɗa tabarma ko buzu, ya ce bismilla. Ka cire takalmi ka zauna. Sai an zauna ake gaisawa ta sosai. Wadda aka yi a tsaye share fage ce.

Ƙarami ne ke fara gaida babba, mai tafiya ya gaida na zaune, wanda ke kan abin hawa ya gaida mai ƙafa. Shi ya sa har yau a ƙauyukanmu yaron kirki in ya zo wucewa ta gaban majalisar dattawa a kan babur yake rage gudu, ko ma ya sauka. Kuma ba a ce wa babba "ka tashi lafiya?" kai tsaye kamar sa'anka. Cewa ake "an tashi lafiya?" ko "kun tashi lafiya?" Ga malami a ce "Allah ya gafarta Malam." Ga dagaci ko hakimi a ce "ranka ya daɗe," a rusuna. Mace ta durƙusa wa surukanta. Ba mu kaɗai ke da wannan tsari ba. Wata mai bincike, Judith Irvine, ta wallafa nazari a 1974 a kan gaisuwar Wolof na ƙasar Senegal, inda ta nuna cewa a can ma na ƙasa ne ke fara gaisuwa, shi ne kuma ke jero tambayoyi, babba yana amsawa.

Tambayoyin suna da jeri. Ana farawa da jikin mutum: ina kwana, ina gajiya. A wuce zuwa gida: yaya iyali, yaya yara, yaya su Baba. Sannan sana'a: yaya aiki, yaya kasuwa, yaya gona. In Bafulatani ne a rugarsa, dole ka tambayi dabbobi. Sai lokaci: yaya ruwa, yaya sanyi, yaya zafi, yaya ibada in azumi ake. Kowace tambaya kuma da amsarta da aka sani. Kwana, lafiya lau. Gajiya, ba gajiya. Aiki, da godiya. Labari, sai alheri. Ruwa, ya yi gyara. Sanyi, lokacinsa ne.

A nan akwai wurin da baƙo ke yin tuntuɓe. Namiji ba ya ce wa namiji ɗan'uwansa "yaya matarka?" balle ya kama sunanta. "Yaya iyali" ko "yaya mutanen gida" ya wadatar. Haka nan in kana gaida uwa, musamman a gidajen da ke riƙe da kunya irin ta da, kada ka kama sunan ɗanta na fari kana jiran ta ba ka labarinsa. Za ta kawar da kai, ko ta amsa a gajarce, kai kuma ka ɗauka wani abu ya faru, alhali kunyar ɗan fari ce kawai. Ka ce "yaya yara," ka bar ta ta amsa a dunƙule.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Duk amsoshin nan da na lissafa, ba labari ba ne. Mutumin da ya kwana bai runtsa ba saboda ɗansa na zazzaɓi, in ka ce masa ina kwana, "lafiya lau" zai ce. Ba ƙarya ya yi maka ba. Godiya ya yi wa Allah da ya nuna masa safiya, kuma ya ƙi tarbar baƙonsa da kuka tun daga bakin ƙofa. Zagayen farko na gaisuwa ba a sa masa damuwa. Labarin gaskiya yana zuwa ne a zagaye na biyu, bayan an kawo ruwa an sha, an ɗan yi shiru, sai ɗaya ya sake cewa, "To, yaya gida dai? Kowa lafiya ko?" Wannan maimaicin da matasa ke jin haushinsa, shi ne ƙofar. Wanda ke da abin faɗa, a nan yake samun wurin faɗa.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Misali ne kawai, ba wani mutum na musamman nake nufi ba, amma duk wanda ya taɓa bin bashi a ƙasar nan zai gane shi.

Wani mai sayar da taki a Kabo ya ba wani manomi na wani ƙauye kusa da Getso buhu biyu na taki bashi a farkon damina. Sun yi alkawari in kaka ta yi, manomin ya sayar da masara ya biya. Kaka ta yi, an kwana biyu shiru. Mai taki ya hau babur da sassafe ya nufi ƙauyen. Manomin dattijo ne, ya haife shi. Ya yi sallama, aka yi masa shimfiɗa a zaure.

Ya ce, "Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Alhaji. Sannu da zuwa. Yaya hanya?"

"Alhamdu lillahi. An tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Yaya ka baro mutanen Kabo?"

"Duk lafiya, suna gaishe ku. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya iyali?"

"To, alhamdu lillahi."

Mu tsaya nan. Kun ji abin da ya canza? Duk amsoshin baya sun zo a cike, da sauri. Da aka zo kan iyali, sai "to" ta shigo gaba, kuma "lafiya lau" ba ta fito ba. Dattijon bai ce akwai matsala ba, amma bai ce babu ba. Mai taki in yana da kunne, ya riƙe wannan a ransa, ya ci gaba.

"Yaya aka ji da kaka, Baba?"

"Mun gode Allah. An samu abin da ya samu."

Ga alama ta biyu. Manomin da gonarsa ta yi kyau yakan ce "bana kam sai godiya," fuskarsa a sake, har ya ƙara da cewa dawa ta yi, wake ma ya yi. "An samu abin da ya samu" magana ce ta wanda rumbunsa bai cika ba.

Aka kawo ruwa a kwanon sha. Mai taki ya sha, ya ajiye, ya yi hamdala. Yanzu hanya biyu ce a gabansa. Ta farko, ya ce, "To Baba, dama maganar kuɗin nan ce ta kawo ni." Haƙƙinsa ne, ba wanda zai ce ya yi zalunci. Amma me zai biyo baya? Dattijo zai ji kunya, ya ce a ba shi zuwa ranar kasuwa, alhali ya san ba shi da abin kaiwa kasuwar. Ranar ta zo ya ɓuya. Daga nan sai aike, sai ɓacin rai, sai ƙara wurin mai unguwa ko dagaci. Kuɗi bai fito ba, mutunci ya zube, mai taki kuma ya rasa mai sayen kayansa na baɗi.

Hanya ta biyu, ya koma kan wurin da ya ji amsa ta yi rauni.

"Baba, na ji kamar da wani abu a gida. Lafiya dai ko?"

Dattijo ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Wallahi mai ɗakin ce ba ta jin daɗi. Kwananmu takwas a asibiti a Gwarzo, shekaranjiya aka sallamo mu. Har jini aka ƙara mata."

"Subhanallahi. Ban ji ba, Baba, da na zo dubiya. Yaya jikin nata yanzu?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne."

"Amin, amin. Na gode."

Yanzu mai taki ya san inda masarar ta tafi ba tare da ya tambaya ba. Kuma ku lura, a al'adarmu sau da yawa mai gida ne ke buɗe wa baƙo hanyar faɗin buƙata. Shi ne zai ce, "Allah ya sa lafiya," ko "Alhaji, da magana ne?" Dattijon nan ya san abin da ya kawo baƙonsa tun da ya ji ƙarar babur. Tunda an tambaye shi halin da yake ciki, an kuma jajanta masa, nauyin bakinsa ya sauka. Shi da kansa zai ce, "Alhaji, maganar takin nan tana raina. Akwai ɗan wake da ban sussuka ba. In an ɗauke shi, zan kawo maka rabin kuɗin, ragowar ka yi mini haƙuri zuwa lokacin da zan sayar da ɗan akuyan can."

Wannan alkawari ne da zai iya cikawa, domin shi ya yanka wa kansa, a kan abin da yake da shi a hannu. Mai taki ya karɓa, su tsayar da rana, ya fi kyau ma a rubuta a gaban shaida. Alƙur'ani ya yi umarni da rubuta bashi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, kuma a aya ta 280 ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Amma ta yaya za ka jinkirta wa mai ƙunci in ba ka san yana cikin ƙunci ba? Dattijo irin wannan ba zai taɓa tarbarka da "ba ni da shi" ba. Gaisuwa ce ta ba ka labarin.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce duk wanda ya ja numfashi a gaisuwa a yafe masa bashi ba. Akwai masu wayo, waɗanda da sun hango mai bin su bashi sai su ɓata fuska, tun a "ina kwana" su fara jero matsaloli. Wannan ma alama ce, amma ta wani abu dabam. Mai damuwa ta gaskiya yakan ɓoye ta a zagayen farko, sai an tono. Wanda ya zube maka kukansa tun ba ka zauna ba, ya san abin da yake yi. Akwai kuma mai jan gaisuwa da gangan: ya tambayi Kabo, ya tambayi Garo, ya tambayi kakanninka, ya dawo ya sake, don dai kada a zo kan magana. Irin wannan, in an zagaya sau biyu, ba laifi ka gyara zama ka ce, "To Malam, dama abin da ke tafe da ni ke nan." Ka ba gaisuwa haƙƙinta, saura naka.

Akwai kuma lokacin da ake haɗiye buƙata ɗungurungum. Ka je neman aron kuɗi ko maganar aure ko rikicin iyakar gona, a cikin gaisuwa ka ji an yi rashi a gidan kwana biyu da suka wuce. Daga wannan lokacin ziyararka ta zama ta'aziyya. Ka ce, "Yaya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." A yi addu'a, ka ɗan zauna, ka tashi. Ko mai gida ya matsa ya ce "da magana ne?" ka ce, "A'a, ba ta gaggawa ba ce, na dawo." Ba zai manta maka wannan ba.

[Gajeren kiɗa]

Jama'a, yanzu zan juya ga ɓangaren da ya fi damuna, domin wannan kyakkyawar al'ada tana da inda take cutar da mu in ba mu yi hattara ba. Ina maganar "da sauƙi."

Kun ji dattijon can da aka tambaye shi jikin mai ɗakinsa, ya ce da sauƙi. Haka kowa ke cewa. Mai ciwon kai, da sauƙi. Wanda ba ya iya ɗaga hannu, da sauƙi. Sau nawa muka gaida mai jinya da safe ya ce mana da sauƙi, kafin la'asar aka aiko da sanarwar jana'iza? Wannan amsa tana da asali mai kyau. Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa a ciwon da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wafati a cikinsa, Sayyidina Ali ya fito daga wurinsa, mutane suka tambaye shi yadda ya kwana, ya amsa musu da godiya ga Allah cewa ya samu sauƙi. Kyautata zato ne ga Ubangiji, da kwantar wa mutane hankali. Ba na kiran kowa ya daina faɗinta.

Abin da nake kira shi ne, mu san cewa "da sauƙi" amsar gaisuwa ce, ba bayanin ciwo ba ce. Matsalar tana faruwa a wuri biyu.

Na farko a gaban ma'aikacin lafiya. Uwa ta ɗauko yaro tun daga ƙauye, ta biya kuɗin mota, ta bi layi. Malamin asibiti ya ce, "Yaya jikin nasa?" Ta ce, "Da sauƙi." Ita gaisuwa ta amsa. In malamin mai gaggawa ne, ga layi a bayanta, sai ya rubuta maganin zazzaɓi ya sallame ta, alhali yaron ya yi jijjiga cikin dare ba ta faɗa ba, don ba a tambaye ta ba. Iyaye mata, ku saurare ni da kyau. In kin amsa gaisuwa, ki ɗora da bayani ko ba a tambaye ki ba: yau kwanansa nawa, ya ci ko bai ci ba, ya yi amai sau nawa, wane magani aka ba shi a gida, na kemis ne ko na gargajiya. Wannan ba rashin godiya ga Allah ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne. Ku kuma ma'aikatan lafiya, yawancinku 'ya'yan ƙasar nan ne, kun san "yaya jiki" ba ta ciro komai. Ku gaisa, sannan ku yi tambayar da ba ta da amsa shiryayya: "Me kika gani ya sa kika kawo shi yau?" "Yaushe rabonsa da kama nono?"

Wuri na biyu shi ne tsakaninmu, maƙwabta da 'yan'uwa. Ka ji yaron maƙwabcinka ba lafiya, ka leƙa ka ce yaya mai jiki, aka ce da sauƙi, ka ce Allah ya ƙara sauƙi, ka wuce kana jin ka sauke nauyi. Ba ka sauke ba tukuna. Ƙara tambaya ɗaya ko biyu: "Yana cin abinci? An kai shi asibiti?" Akwai alamomin da in aka ambaci ko ɗaya daga ciki a jikin ƙaramin yaro, maganar jira ta ƙare: in ba ya iya sha ko kama nono, in duk abin da ya shiga cikinsa sai ya amayar, in ya yi jijjiga, in ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko in numfashinsa na fita da ƙyar. A ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, irin wannan na iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa abin da ya hana a kai shi ba taurin kai ba ne, kuɗin mota ne babu, uban kuma ba zai roƙa ba. In ka yi tambaya ta biyu, ka ba shi damar faɗa ba tare da ya roƙa ba. Mata ma haka, in kun shiga barka kun tarar da mai jego, kada ku tsaya a "sannu da arziki." Wata babba a cikinku ta matsa kusa ta tambaye ta jini ya tsaya ko yana zuba, akwai zazzaɓi ko ciwon kai mai tsanani. Mai jego, balle ta fari, kunya ba za ta bar ta ta faɗa da kanta ba.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da wasu ke yi: shin akwai lokacin da ya halatta a yanke gaisuwa? Akwai, kuma al'adar da kanta ta tanadi hanyar. Mace na naƙuda tun jiya ba ta sauka ba, ko ta haihu jini ya ɓalle, ko maciji ya sari mutum a gona, ko gobara ta tashi. Ka ruga gidan mai mota. Yi sallama, wannan ba a barin ta. In ya fito ya ce "lafiya?" kada ka ce "lafiya lau" don sabo. Ka ce, "Ba lafiya ba, Alhaji, a taimaka da mota." Kalmar nan "ba lafiya ba" tana da nauyi a kunnen Bahaushe daidai saboda ba a saba jin ta ba. Duk wanda ya ji ta ya san an ɗage sauran gaisuwa. Na san akwai masu jin nauyin babba har su zauna su gaisa tsaf, sai can a ƙarshe su ce "dama yarinyar ce tun dare take fama." Wannan kunya ba ta da lada. Ba dattijon kirkin da zai riƙe ka da laifi don ka gajarta gaisuwa saboda ceton rai.

Sai waya. Kati na ƙonewa, kowa ya sani, kuma ba wanda ya ce ka yi zagaye uku. Sallama, ina wuni, yaya gida, sannan magana, ya isa. Abin da bai dace ba shi ne ɗan da ke Kano ko Legas ya kira mahaifiyarsa a Lakwaya ya ce, "Inna, kuɗin sun shigo?" ya kashe. Ita ba za ta ce maka ƙafarta ta kumbura ba sai ka tambaya, ka sake tambaya. A waya ba ka ganin fuska, don haka muryar za ka saurara: in ta amsa a gajarce ba kamar yadda ta saba ba, ko ta yi saurin juya tambayar kanka, ka kira wani a gidan ka ji gaskiyar lamari. In kuma labarin rasuwa za ka isar, kada ka jefa shi haka nan. Ka gaisa a taƙaice, ka tambayi inda mutumin yake, ko yana tuƙi, ko akwai wani kusa da shi, sannan ka faɗa.

Kalma ɗaya ga masu zuwa ƙauyukanmu da aikin hukuma ko na ƙungiya, malaman gona da masu rigakafi da masu ɗaukar bayanai. Ku fara da ƙofar dagaci ko mai unguwa, ku zauna in an ba ku wuri, ku sha ruwa in an kawo. Kada ku buɗe takarda kuna gaisawa, ido na kan rubutu, baki na cewa "yaya iyali." Mutanen karkara suna gane gaisuwar da ba a jiran amsarta, kuma irin amsar da za su ba tambayoyinku na aiki ke nan: za su ce muku komai lafiya, ku koma da takarda cike da abin da ba haka yake ba.

Iyaye kuma, yaro ba ya koyon wannan a makaranta. In za ka gaida wani babba, ka tafi da ɗanka ya zauna a gefe. In kun fito ka tambaye shi, "Me ka lura da shi a amsar Malam da na tambayi gona?" Haka ake koya wa yaro sauraro, ba haddar kalmomi kaɗai ba.

Masu sauraro, lokaci ya cim mana. Roƙona gare ku, gobe da safe in kun gaida maƙwabci ya ce lafiya lau, kada ku yi saurin wucewa. Ku dube shi, ku sake tambaya sau ɗaya. In kuma akwai mara lafiya a gidan, ku tambayi ko an kai shi asibiti. Wanda ke kwance Allah ya ba shi lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu. A gaida mutanen gida. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.

[Taken rufewa]